Maraɗi: yadda ake yi wa roƙon dangi iyaka ba tare da yanke zumunci ba

Da albashi ya faɗo, wayar ma'aikaci a Maraɗi ba ta hutawa. Ƙane a Tibiri yana son kuɗin gyaran babur, kawu a Jiratawa yana son na taki, ga kuma suna a gidan gwaggo. Ƙauyukan ba su da nisa da birni, kuma NITA da Amana sun sa kuɗi na isa nan take, don haka uzurin "ban samu mai zuwa ba" ya daina aiki. Da yawa suna bayarwa har su ci bashi, saboda tsoron a kira su marowata.

Abin da ke rage wannan nauyi a zuciya shi ne rarrabe wajibi da kyautatawa. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Nijar ke bi, ciyarwar dole tana kan mutum ga matarsa, da ƴaƴansa ƙanana, da iyayensa idan ba su da hali. Taimakon ƙane, kawu ko ɗan gwaggo sada zumunci ne mai lada, amma gwargwadon iko ake yin sa. Wanda ya hana kawu kuɗin taki don kada tukunyar gidansa ta kife bai yi laifi ba.

Sai dai sanin haka kaɗai ba ya isa, sai an yanke wa zumunci kasonsa tun farkon wata. A ɗauki misalin malamin lakkol mai albashin jika 150 na sefa. Haya ta ci 30, hatsi da cefane 65, wuta da ruwa da man babur 20, karatun yara da magani 10. Saura jika 25. Ya ware 10 ga mahaifiyarsa a Tibiri, wannan ba ya taɓuwa. Ya ajiye 5 don rashin lafiya. Sauran 10 su ne kason dangi baki ɗaya, ko mutum ɗaya ya nema ko biyar.

A ce ranar 3 ga wata ƙanensa ya kawo takardar maganin ɗansa ta jika 6. Malam ya je famasi da kansa ya saya, domin biyan buƙata kai tsaye yana hana kuɗi bin wata hanya. Ranar 12 kawu ya kira yana neman jika 20. Abin da ya rage 4 ne, kuma amsar da ta dace ba ta da tsawo: "Kawu, Allah ya ba ku haƙuri, abin da na ware bana ga wannan wata saura jika huɗu. Zan turo su yau, ban da ikon ƙari." Akwai ladabi, akwai adadi, babu ƙofar ciniki.

Kuskuren da ya fi ɓata zumunci shi ne "sai na gani" ko "bari zuwa jibi" daga bakin wanda ya san ba zai bayar ba. Mai nema yana ɗaukar wannan a matsayin alkawari, wataƙila har ya ci bashi a kansa. Ranar da abin ya gagara, sai ya ji an yaudare shi, alhali da an ce masa babu tun farko da ya nemi wata mafita. Haka ma kiran kyauta da sunan rance: idan an san ba za a biya ba, gara a ba da kaɗan a ce kyauta ce.

Lokaci ma yana da tasiri. Roƙo ya fi yawa daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da rumbuna suka ƙare kuma hatsi ya yi tsada. Wanda ya tara kason dangi, ko ya ɗauki adashi da kaka, ya sayi buhun gero yana da araha, zai iya raba tiya-tiya da damina. Kuɗi ɗaya ne, amma ya ciyar da baki fiye da haka.

Akwai alamomin da ke nuna iyaka ta rushe: cin bashin mai shago kafin tsakiyar wata, ƙin ɗaga waya idan lambar gida ce, ko ɓoye wa maiɗaki abin da aka tura. Idan sun bayyana, sai a koma ga lissafi. Idan kuma nauyin iyaye ya tattaru kan mutum guda, a zauna da sauran ƴan'uwa gaban wani babba a raba shi.

Wasu za su yi fushi a watannin farko, kuma ba a hana wannan. Maganinsa shi ne kada a haɗa rage kuɗi da rage ziyara. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take: wanda ake gani wurin jana'iza, suna da dubiya, da wuya a ce ya yar da dangi don ya ce babu.