Filota: yadda zanen gini ke rasa ma'auninsa tsakanin kwamfuta da takarda

Bangon da tsawonsa ya kai mita 12, idan aka zana shi a ma'aunin 1:100, dole ne ya fito santimita 12 cif a kan takarda. Ma'anar ma'aunin ke nan: kowane santimita guda na takarda yana wakiltar mita guda a fili. Amma da za ka ɗauki rula ka bi zanen da ake bugowa a shagunan buga takardu, za ka tarar da wasu sun fito santimita 11.8, alhali a ƙasan takardar an rubuta 1:100 ɓaro-ɓaro. Layuka sun fito tsaf, tawada ba ta zuba ba, ido bai ga aibu ba. Sai an je fili, birkila ya auna wani wurin da mai zane bai rubuta wa adadi ba, sannan a ga santimita 20 sun yi ɓatan dabo. Kusan rabin bulo ke nan.

Na'urar da ke buga irin wannan babban zane ita ce filota. Ta da can alƙalami take riƙewa, tana jan layi ɗaya bayan ɗaya. Ta yanzu tawada take fesawa kamar firintar ofis, sai dai faɗinta ya ninka na waccan sau uku ko huɗu. Waɗanda aka fi gani su ne HP DesignJet da Canon imagePROGRAF da Epson SureColor, kuma akasarinsu masu faɗin inci 24 ne ko inci 36. Takardarsu a naɗe take zuwa, na'urar ce ke warware ta, ta buga, ta yanke. A kowane mataki cikin ukun nan ana iya ɓata zane.

Mu bi takarda guda daga farko, zanen bene a girman A1, wato milimita 594 a faɗi da 841 a tsawo.

Naɗin inci 24 faɗinsa milimita 610 ne. A1 tana shiga cikinsa a tsaye, har a sami rarar milimita 8 a kowane gefe. Naɗin inci 36 kuwa faɗinsa milimita 914, shi ne na A0, wadda take milimita 841 da 1189. Idan wannan babban naɗin ne a kan na'ura kuma A1 za a buga, a kwantar da zanen, tsawonsa ya bi faɗin takarda. A tsaye, kowane shafi zai ci milimita 841 na naɗin, a zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku a gefe. A kwance zai ci 594 kacal. Naɗin mita 50 zai ba da shafi kusan 59 a tsaye, kusan 84 a kwance. Mai shagon da bai kunna Autorotate ba, shi ke cutar aljihunsa.

Kafin a ɗora naɗi, a dubi bututun kwalin da ke tsakiyarsa. Na filotar tawada yawanci inci 2 ne, na manyan injuna masu garin tawada inci 3. Idan aka zura mai inci 3 a sandar inci 2 ba tare da zoben da ke cike gurbin ba, naɗin zai riƙa rawa, takarda ta riƙa shiga da fizga. Ana cire faifan da ke ƙarshen sandar, a zura naɗin ta fuskar da hoton jikin na'urar ya nuna, a tura shi har ya manne da faifan ɗaya gefen, sannan a mayar da wanda aka cire a matse. Ɗan giɓin da aka bari tsakanin faifai da takarda shi ke sa ta karkace, kuma karkatar ba ta bayyana a shafin farko. A hankali take taruwa, sai a shafi na biyar ko na shida a ga gefe ya fara tattarewa, kan buga rubutu yana gogar takarda yana barin baƙin tabo.

Bakin takardar ma abin dubawa ne. Idan ya yage ko an yanke shi a karkace da reza, na'urar za ta ja, ta auna, ta mayar, ta ce takarda ta karkace. Masu gaggawa sukan yi ta turawa har ta karɓa. Abin da ya fi shi ne a yanke bakin a miƙe, a riƙe gefe biyu da hannu biyu, a tura daidai har a ji ta kama da kanta. Daga nan allon zai tambayi irin takardar. Kada a danna abin da aka gani kawai. Amsar ce ke gaya wa na'urar yawan tawadar da za ta fesa, da tsawon jiran bushewa, da yadda za ta ja takardar. Farar takarda mai nauyin giram 80 da takardar da ake hango haske ta cikinta ba sa shan tawada iri ɗaya. Da damina kuma takardar da aka bari a buɗe takan sha danshi ta yi kumburi-kumburi, don haka naɗin da ba a amfani da shi a mayar da shi ledarsa.

Yanzu ga inda santimita 20 ɗin nan suke ɓacewa. Filota ba ta buga zane har bakin takarda, tana barin gefe, milimita 5 a na'urori da yawa, 3 a wasu. Idan aka ce mata girman takarda A1 ne, wurin da take ɗauka za ta iya bugawa ya zama milimita 584 da 831. Shafin da ya zo daga mai zane kuwa cikakken 594 da 841 ne. Manhajar da ke buɗe PDF ta ga shafi ya fi wuri, idan an bar ta a kan Fit sai ta matse shi ya shiga. Raba 584 da 594, za ka sami kashi 98.3 cikin ɗari. Bangon milimita 120 ya koma 118. Ɗakin mita 3.6, wanda ya kamata ya fito milimita 36, ya koma 35.4, bambancin da ba mai lura da shi sai wanda ya zo nemansa.

Maganin bai da wuya. A tagar bugawa a zaɓi Actual size, ko a rubuta 100 a gurbin Custom Scale. Idan daga AutoCAD ake bugawa kai tsaye, a cire alamar da ke kan Fit to paper, kuma idan an shirya zanen a Layout, ma'aunin bugawa ya zama 1:1. Saura batun gefe. A kan naɗin milimita 610 akwai rara, don haka a na'urorin HP ana zaɓar Oversize, shafin ya fito cikakke, gefen ya faɗa a wajensa. Idan naɗin milimita 594 ne cif, babu rara, sai a zaɓi Clip contents by margins: na'urar za ta share milimita biyar na bakin shafi, wanda dama fari ne, ta bar zanen a girmansa. Gara a rasa farin gefe da a taɓa ma'auni.

Akwai ragin da ake yi da gangan, don a sami ƙaramin kwafin da za a naɗe a kai fili. Daga A1 zuwa A3 rabi ne, don haka 1:100 ya zama 1:200, 1:50 ya zama 1:100. Ana iya aiki da shi, muddin an buga a kashi 50 daidai kuma an rubuta sabon ma'aunin da biro a kan tsohon. Na biyun nan ne mai hatsari, domin rular ma'auni tana da fuskar 1:50 da ta 1:100, kuma wanda ya bi abin da aka rubuta zai karanta ɗakin mita 4 a matsayin mita 2. Daga A1 zuwa A2 kuwa kashi 70.7 ne, ma'auni ya zama wajen 1:141, wanda babu rular da ke da shi. A ganina wannan kwafin na kallo ne kawai, bai kamata ya je hannun mai awo ba.

Wani zai ce ai masu zane sukan rubuta a kan takarda cewa kada a auna da rula, a bi adadin da aka rubuta. Gaskiya ne, kuma ƙa'ida ce mai kyau. Amma babu zanen da ke ɗauke da adadin kowane lungu. Mai aikin famfo, da mai wayar wuta, da mai lissafin tayil, duk sukan ɗora rula idan suka rasa adadi, kuma mai zane ba ya kusa.

Wuƙar na'urar ƙaramar aba ce da ke gudu daga wannan gefe zuwa wancan bayan an gama bugawa. A Canon akwai zaɓi uku a ƙarƙashin Cutting Mode. Automatic yana yankewa da kansa, takarda ta faɗa kwando. Eject yana jira sai ka riƙe takardar ka ba da izini, wanda ya dace da zanen da ya sha tawada ko takarda mai santsi, don kada ta faɗa a jiƙe ta goge. Manual kuwa ba ya yankewa, kai za ka sa almakashi, kuma shi ake zaɓa idan takardar ta fi ƙarfin wuƙa. A HP ana samun Disable automatic cutter. Zane mai layuka zalla a farar takarda ba ya buƙatar wani jira, a bar shi ya yanke.

Zaɓin da ya fi rikita mutane shi ne wanda ke cire farin sama da ƙasa don tattalin takarda, Remove blank areas ko makamancinsa. Ba ya taɓa ma'auni ko kaɗan, amma yana sa wuƙa ta yanke a inda zane ya ƙare, sai shafuka goma su fito da tsawo goma daban-daban. Idan za a ɗinke su wuri guda a kai hukumar tsara birane, irin KNUPDA a Kano, a kashe shi. Wuƙar da ta dushe kuwa ba ta ɓuya: bakin takarda zai fito da gashi-gashi, ko ta tsaya a tsakiya ta tattare shafin. Kafin a sayi sabuwa, a kashe na'urar a duba hanyar da take bi, sau da yawa ɗan siririn guntun takarda ne ya maƙale.

Rula ce za ta gaya maka inda laifi yake. Nemi adadi mafi tsawo da aka rubuta a kwance, ka auna, sannan mafi tsawo a tsaye. Idan duka biyun sun ragu da kaso iri ɗaya, an matse shafin a kwamfuta, a koma tagar bugawa. Idan wanda ya bi faɗin naɗi daidai ne, wanda ya bi tsawonsa ne kaɗai ya kauce, to jan takardar ne: ko an zaɓi irin takardar da ba ita ba, ko naɗin na zamewa, ko na'urar na buƙatar a daidaita mata ja daga allonta. Filota mai lafiya ba ta kan kauce da fiye da milimita guda a tsawon A1.

Saboda haka idan za ka je karɓar zanen gidanka, tafi da rula. Auna shafin farko a gaban mai shago kafin ka ce ya buga sauran.