Katin tishi da jadawalin bita ga ɗalibin kimiyyar muhalli

Katin tishi ɗan yankin kwali ne da ake rubuta tambaya a fuskarsa, amsa kuma a bayansa. Ɗalibi yakan karanta tambayar, ya kawo amsar da ka, sannan ya juya ya ga ko ya dace. Amfaninsa yana cikin wannan ƙoƙarin tunowa, domin abin da mutum ya sha wuya ya zaƙulo daga ƙwaƙwalwarsa ya fi zama a kan abin da ido ya bi ta kansa sau goma. Almajiran tsangaya sun daɗe da sanin haka: ba a wanke allo sai an biya da ka, kuma haddar da ba a yi mata tishi zubewa take yi.

Kimiyyar muhalli tana da kalmomi masu kama da juna, ga shi da Turanci ake rubuta jarrabawarta. Saboda haka kalmar Turancin da za ta fito a takardar jarrabawa ita ke zama a fuskar kati, bayanin kuma ɗalibi ya tsara shi da bakinsa, ya haɗa da misalin da ya taɓa gani. A nan ɗan Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa yana da sa'a, don rabin manhajar tana ƙofar gidansa. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, misali ce ta yadda tare kogi ke sauya rayuwar mutanen da ke ƙasa da shi, har zuwa fadamun Hadejiya da Nguru. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 misali ce ta ambaliya. Dajin Falgore yana bayar da misalin gandun da aka keɓe don kare namun daji, tsofaffin ramukan kuza na Riruwai kuma na ƙasar da haƙar ma'adinai ta lalata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa wa kati ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa. A ɗauki abin da littattafai ke kira yutirofikeshan, wato ƙoshin ruwa da sinadaran taki fiye da kima. Ɗalibi yakan kwafe sakin layi guda a bayan kati, ranar bita ya tuno rabinsa, ya rasa ko ya ci ko ya faɗi. Gara a raba shi huɗu. Kati na farko ya tambayi sinadarai biyu da ke haddasa shi, amsa ita ce nitirojin da fosfaras, irin waɗanda ruwa ke wankowa daga gonakin rani da aka zuba wa takin zamani. Na biyu ya tambayi abin da ke fara bayyana a kan ruwan, wato gansakuka mai yawa. Na uku shi ne mai wuya: me ya sa kifi ke mutuwa? Amsar ita ce idan gansakukar ta mutu, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Na huɗu ya juya tambayar, ya kwatanta tafkin da ya yi kore yana wari kifinsa na tasowa, ya nemi sunan abin. Wannan na ƙarshe ya fi kusa da yadda masu tsara jarrabawa ke tambaya.

Akwai wani tarko na musamman ga mai tunani da Hausa. Kalmar yanayi tana ɗaukar abu biyu da Turanci ya raba: halin da sama ke ciki yau ko wannan mako, da kuma matsakaicin halin wuri na tsawon lokaci, wanda masana kan auna da shekara 30. Duk katin da amsarsa ta tsaya a kalmar yanayi kawai bai koyar da komai ba. Haka marmashewar dutse a inda yake da zaizayar da ke kwashe ƙasa zuwa wani wuri. Irin waɗannan tagwaye suna bukatar katin kansu, wanda zai tambayi bambancin kai tsaye.

Batun tazara tsakanin bita ya samo asali daga Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya wallafa bincikensa a 1885. Ya haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya auna yadda suke zubewa, ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta lafa. Kansa kaɗai ya gwada, kuma kalmomin da ke da ma'ana sun fi gaɓoɓinsa daɗewa, amma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa bitar da aka warwatsa cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a dare ɗaya. A 1972 wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan aikin hannu: akwati mai ɗakuna, katin da aka ci ya matsa gaba inda ake jinkirta ganinsa, wanda aka faɗi ya koma ɗakin farko ko da ya yi nisa. Ambulan huɗu ko robar ɗaure kuɗi sun isa su yi aikin akwatin. Mai waya zai iya amfani da manhajar Anki, sai dai kwali ba ya jiran caji.

A ɗauka saura kwana 42 a shiga jarrabawar ƙarshe, ɗalibi kuma yana da kati 120. Zai fara sababbi goma kowace rana, ya gama su a rana ta 12. Kowane kati za a sake ganinsa bayan kwana 1, sannan bayan 3, bayan 7, bayan 14. Katin da aka fara ranar farko zai dawo a rana ta 2, ta 5, ta 12 da ta 26. Wanda aka fara a rana ta 12 zai dawo a ta 13, ta 16, ta 23 da ta 37. Ana rubuta ranar dawowar da fensir a gefen katin. Tun da zagayen yana cin kwana 25, katin da aka shigo da shi bayan rana ta 17 ba zai kammala ba, sai a rage masa tazarar ƙarshe zuwa mako guda. Ranar da ta fi nauyi ita ce ta 12, mai kati 40 ban da waɗanda aka faɗi, aikin kamar minti 20 bayan sallar asuba. Wanda ya tsallake rana ta 10 zuwa ta 12 kuwa zai tarar da kati tamanin suna jiransa, kuma a nan ne jadawali yakan watse. Idan haka ta faru, a dakatar da sababbi har a biya bashin tsofaffi.

Ana gane tsarin ya karkace ta hanyoyi kaɗan. Idan ɗalibi yana juya kati kafin ya furta amsa, yana cewa ai na sani, to ganewa yake yi, ba tunowa ba. Maganinsa ya faɗi amsar a bayyane ko ya rubuta ta. Idan yana gane kati daga lanƙwasar gefensa ko daga wanda ya gabace shi, a cakuɗa su kafin kowace bita. Katin da aka faɗi sau uku a jere galibi shi ne mai laifi, sai a sake rubuta shi ko a raba shi biyu.

Kati yana riƙe kalma da ma'anarta, amma ba ya koyar da karanta taswira, zana zagayen ruwa ko tsara amsa mai tsawo a kan dalilan cikewar madatsa da laka. Don haka daga rana ta 17, lokacin da katunan kowace rana suka ragu zuwa goma ko kusa da haka, sauran lokacin na tsofaffin takardun jarrabawa ne, ana amsa su da agogo a gaba. Duk kalmar da ta gagara a cikinsu a ciro katinta a mayar da shi ambulan na farko. A kwana biyun ƙarshe a bi dukan katunan sau ɗaya, a ware waɗanda suka yi gardama, su kaɗai za a duba a daren jarrabawa.