Sunan Masauki a Bakin Tasha

Wanda ya sauka a tashar Ƙofar Ruwa ta Kano bayan sallar isha'i, daga Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, da kuɗin sari ɗaure a jikinsa, ba ya yawo yana karanta alluna. Tambaya yake yi. Ya tambayi direban da ya kawo shi, ko ɗan kamasho, ko mai shayi: "Don Allah ina zan samu wurin kwana mai mutunci nan kusa?" Duk sunan da ya fara faɗowa bakin wanda aka tambaya, can baƙon zai nufa. Saboda haka mai ƙaramin masauki a bakin tasha ya sani cewa sunan gidansa a baki zai yi ta yawo, cikin hayaniyar injuna da kiran fasinja, kuma mafi yawan masu ɗaukarsa ba su taɓa shiga gidan ba.

A da, fatake ba su da wannan matsala. Falke ya san fatomansa, wato maigidan da ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Da sunan maigidan ake sanin gidan, in wani abu ya ɓace an san wanda za a riƙe. Matafiyin yau ma abin da yake nema ke nan a cikin suna: alamar cewa akwai mutum ko wuri sananne a bayansa.

Mu ɗauki misalin wani mai gida mai ɗaki takwas a wani layi bayan tashar, akwai tsohuwar tsamiya a ƙofarsa. Ɗansa ya kawo shawarar `Royal Palace International Hotel`. Matarsa ta ce a sa Alheri. Shi kuma ransa ya fi kwanta wa sunansa na kansa.

Na farkon shi ne mafi haɗari, kodayake shi ya fi ƙyalli. Ɗan kasuwar da ya zo sarin atamfa a Kantin Kwari, da ya ji sunan zai ɗauka kuɗin ɗakin ya fi ƙarfinsa, ya wuce. Wanda ya shigo da tsammanin fada kuwa zai tarar da fanka da bokiti, ya fita yana cewa an yaudare shi, ko da ɗakin tsaf yake. Ga shi kalma huɗu ce ta Turanci, kafin ta bi ta bakin mutum uku ta gutsure ta koma wani abu dabam. Sannan akwai ita kanta kalmar hotal. A kunnen mutane da yawa a ƙasar Hausa tana ɗauke da zargin giya da badala, ko da gidan bai san wannan harka ba. Matar da ta zo jinya ko biki za ta kira gida ta faɗi inda ta sauka, kuma a wannan kira ana jin bambancin "ina hotal" da "ina masauki". Mai gidan da yake son iyalai da dattawa su kwana wurinsa ya fara sunan da masauki, ya kuma tabbatar halin gidan ya gaskata hakan.

Alheri suna ne mai daɗi, illarsa yawa. Alheri, Nasara, Albarka, Rahama: a titi guda sai ka iske kemis da gidan abinci da shagon ɗinki duk da suna ɗaya. Ka ce wa ɗan adaidaita sahu ya kai ka Alheri, zai tambaye ka wanne, kuma da dare wannan tambayar kaɗai ta isa ta sa baƙo ya canza shawara. Sunayen da suka jiɓanci addini kuwa, ni a ganina a bar su. Mai gida ba shi da iko a kan duk abin da zai faru a ɗakunansa, ranar da aka samu abin kunya sunan ne zai sha zagi.

Sunan mai gida yana da ƙarfi idan an san shi a tashar, misali tsohon direba da ya yi shekaru a layin Katsina. Idan ba a san shi ba, sunan bai gaya wa baƙo komai ba, kuma ranar da aka sayar da gidan ko aka raba gado sai an sake allo.

Hanyar da ta fi ita ce ya saurari abin da mutanen layin suka riga suka sa wa gidan. In ya aika yaro ya tambayi mai shayi kwatance, zai ji an ce "gidan nan na gindin tsamiya". Suna ya samu ke nan: Masaukin Tsamiya. Kalma biyu ce, suna ne kuma kwatance ne a lokaci guda, irin yadda Kanawa suka saba kiran wurare kamar Kurna da Rijiyar Lemo da Goron Dutse. Ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ, don haka duk wanda ya rubuta shi a waya iri ɗaya zai rubuta. Bai jingina gidan ga mutanen gari ɗaya ba, domin sunan da ya ambaci Katsinawa zai ja su, amma Basakkwace zai ji kamar ba da shi ake ba.

Kafin a kira mai fenti, a gwada. Mutum ya tsaya cikin tasha lokacin lodi, ya kira wanda bai taɓa jin sunan ba, ya faɗa sau ɗaya. Washegari a sake kiransa a ce ya maimaita. In ya ce "me ka ce?" ko ya kawo wani suna mai kama da shi, da sauran aiki. A kuma tambayi 'yan adaidaita da ke bakin tashar ko akwai wani wuri mai wannan suna a unguwar, don sun fi kowa sani.

Daga nan sai rajista a hukumar `CAC`. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi rajistar sunan kasuwanci cikin kwana 28 da fara aiki, sai fa in sunan mutum na gaskiya ne tsura ba ƙari. Ana fara bincikawa ko wani ya riga ka, in an amince za a riƙe maka sunan kwana 60, don haka a tanadi na biyu tun da wuri. Kalmomi irin su `Federal`, `National`, `State` da `Government` ba a sa su sai da izinin hukumar, wani dalilin ke nan na guje wa sunan ƙarya.

Amfanin rajistar yana bayyana a wurin biya. Da takardar ne banki zai buɗe asusu da sunan gidan. Baƙon da ya ga Masaukin Tsamiya a allo, ya zo tura kuɗi ya ga sunan wani yaro ya fito a wayarsa, zai tsaya ya yi tunani, kuma yana da gaskiya. Suna ɗaya ya kamata ya gani a allo, a rasit, a mariƙin mukulli da a saƙon banki. In an yi rajista da `Tsamiya Guest Inn`, kalmar Tsamiya ta zama ita ce babba a ko'ina. Tun da baƙin Nijar da Faransanci suka yi boko, ƙara `Auberge` da ƙananan haruffa a ƙasan allon zai taimaka musu. Allon kuwa a sa masa fitila mai aiki da hasken rana, domin yawancin masu neman ɗaki bayan magariba suke isowa, sau da yawa kuma babu wuta a layin.