Takardar Nas Kafin Kakar Zazzaɓin Lassa

Da hunturu ya kama, nas mai kula da ɗakin masu zazzaɓi a asibitin Samaru ko Sabon Gari takan rubuta wa shugaban asibiti takarda: "Ranka ya daɗe, muna buƙatar safar hannu, takunkumi, sabulu, bilic da kwalin zuba allura." Takardar gajera ce, amma dalilinta babba ne.

Zazzaɓin Lassa ya fi tsananta daga Disamba zuwa Afrilu, kuma a kwanakin farko da wuya a bambanta shi da maleriya ko taifod. Zafin jiki ne, ciwon kai da kasala. Don haka ba cibiyar killacewa ake fara kai majinyaci ba. A ɗakin kowa da kowa ake kwantar da shi, a ɗebi jininsa, a sa masa ruwa, a kwashe amansa. Sai an ga maganin maleriya bai yi aiki ba ake fara zargi, a yi batun tura shi asibitin koyarwa na Shika. Kafin nan hannu da yawa sun taɓa shi. A Janairun 2020 likitoci biyu sun rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan an yi wa wata mai ciki tiyata ba a san tana ɗauke da cutar ba. A Fabrairun 2024 ma'aikatan lafiya uku suka rasu a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna.

Takardar da ta fi samun amsa ita ce mai lissafi. A ɗauka ɗakin yana da gado 20, kuma kowane majinyaci ana yi masa aikin da ya shafi jini ko ruwan jiki sau shida a rana. Safa 240 ke nan kullum. Kwali ɗaya guda 100 ne, ashe a mako ana buƙatar kwali 17. Bilic ɗin kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari kuwa, mudu ɗaya nasa ake haɗawa da shida na ruwa don goge jini da amai, kuma kullum sai an yi sabon haɗi, domin wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu.

Shugaban asibiti ma yana da uzuri, kuɗin gudanarwa ba ya isa. Shi ya sa ake rubuta wa ɗan'uwan majinyaci ya sayo safa a kyamis. Wannan dabara ce mai haɗari: idan ba shi da kuɗi, ko dare ya yi an rufe shago, nas ba za ta bar mai amai ba, da hannunta za ta shiga.

Asarar a kan asibitin take komawa. Duk wanda ya taɓa mai Lassa ba kariya sai an sa masa ido kwana 21, wanda ya fara zazzaɓi kuma dole ya bar aiki. Ɗakin da nas biyu ke kwana sai ya koma hannun ɗaya, da gado 20 a gabanta.