Direban Uber Ma'aikaci Ne Ko Mai Zaman Kansa?

A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci kan ƙarar da wasu direbobi suka kai kamfanin Uber. Kamfanin ya ce direbobin masu zaman kansu ne, shi dillali ne kawai tsakaninsu da fasinja.

Alƙalai ba su tsaya kan takardar yarjejeniya ba, suka duba yadda aikin ke gudana. Wa ke yanka kuɗin mota? Uber. Direba ba shi da bakin sauya sharuɗɗan aiki, kuma a wancan lokacin in ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja akan rufe masa manhaja na ɗan lokaci. Wanda aka juya haka, ai da wuya a ce shi ke riƙe da akalar kasuwancinsa.

Akwai wasu ma'aunan. Kotu kan tambaya ko mutum na iya tura wani ya yi aikin a madadinsa, da kuma wanda asara ke hawa kansa. Magini da ya yi jinga, ya zo da kayan aikinsa da yaransa, mai zaman kansa ne.

Direbobin dai ba su zama cikakkun ma'aikata ba. Matsayi na tsakiya suka samu, wanda ya ba su mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu.