Wa ya taɓa odar nan?

Mu ɗauka wani dila ya karɓi odar katan 50 na taliya ranar Litinin, ranar Laraba mota ta sauke 40. Mai saye ya rantse 50 ya ce, kwamfuta kuwa 40 take nunawa. Duba allo ba zai raba gardama ba, domin rumbun bayanai irin PostgreSQL, idan aka ba shi umarnin `UPDATE`, sabon adadi yake sakawa a gurbin tsohon.

Maganin shi ne a buɗe wani tebur na daban wanda aikinsa ajiye sawu kawai. Duk lokacin da aka taɓa oda, sai a ƙara masa layi ɗaya mai ɗauke da lambar odar, abin da aka canza, yadda yake a da, yadda ya koma, wanda ya canza da kuma lokaci. A misalinmu layin zai nuna an mai da 50 zuwa 40 ranar Talata da ƙarfe 4:12 na yamma, daga asusun mai kula da sito. Sai a kira shi a ji dalili. Wataƙila kaya ne suka ƙare ya manta bai sanar ba.

Gara rumbun da kansa ya riƙa rubuta layin ta hanyar `TRIGGER`, wanda yake ganin tsohon bayani a `OLD`, sabo kuma a `NEW`. Idan aka bar wa manhaja aikin, wanda ya shiga rumbun kai tsaye zai yi gyara ya fita ba sawu. Lokaci ma agogon saba za a bi, don kowa na iya juya na wayarsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen sunan mai canjin. Yaran shago huɗu suna shiga da kalmar sirri ɗaya, sai kowane layi ya ce `admin`, wanda bai nuna kowa ba. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa: yawancin manhajoji da asusu ɗaya suke magana da rumbu, don haka `current_user` sunan manhajar zai bayar, ba na ma'aikaci ba. Dole manhajar ta miƙa lambar ma'aikacin tare da kowane canji. Gane matsalar ba wuya: a buɗe teburin, in suna ɗaya ne daga sama har ƙasa, aikin bai yi ba.

Sai a hana asusun manhajar gyara ko goge sawun:

```sql
REVOKE UPDATE, DELETE, TRUNCATE
ON order_audit FROM app_user;
```

In an yi kuskure, sabon layi ake ƙarawa. Amma wannan bai ɗaure hannun mai babban iko a kan rumbun ba, domin yana iya kashe `TRIGGER` ɗin. Shi ya sa ake tura kwafin sawun kullum zuwa wata na'ura da ba shi da mabuɗinta.