Sanarwa ɗaya, riguna uku: Facebook, LinkedIn da X

A ce wata cibiyar koyar da sana'a a Kano za ta buɗe ajin koyon haɗa wutar sola. Shugaban cibiyar ya zauna ya rubuta sanarwa mai shafi guda, irin wadda ake liƙawa a allon ofis. Ta fara da sallama, sai godiya ga masu ruwa da tsaki, sai tarihin cibiyar, sannan can a sakin layi na huɗu aka faɗi abin da ake ciki: horo na mako 6, daga Litinin 3 ga Maris, gurbi 30, goma daga ciki na mata, kuɗi naira 25,000 har da kayan aiki, kuma za a rufe rajista Juma'a 21 ga Fabrairu. Sai ya miƙa wa yaron da ke kula da shafukan cibiyar, ya ce, "Sa wannan a ko'ina."

Yaron ya kwafa ya manna. A Facebook rubutun ya shiga, amma abin da ya bayyana a waya sallama ce da rabin godiya, sauran ya ɓuya a bayan See more. A LinkedIn ma haka. A X kuwa maɓallin aikawa ya ƙi dannuwa, domin asusun da ba na biya ba haruffa 280 kaɗai yake ɗauka. Sanarwar ba ta da laifin komai. An dai ɗinka ta ne don allon ofis, inda mai karatu ke tsaye yana da lokaci.

Kafin a taɓa kowane dandali, aikin farko shi ne a fitar da ƙashin sanarwar a rubuta shi gefe guda: mene ne, na wane ne, yaushe, nawa, zuwa yaushe, kuma ta ina ake shiga. Waɗannan ba sa canzawa ko da harafi. Idan Facebook ya ce gurbi 30, kada LinkedIn ya ce "kimanin talatin". Abin da ke canzawa abu uku ne: jimlar farko, yawan bayanin da ake rataya wa ƙashin, da abin da ake roƙon mai karatu ya yi a ƙarshe.

Ni da X nake farawa, ko da yake shi ne mafi gajarta. Ƙuncinsa ne ke tilasta wa marubuci ya san abin da yake son faɗa. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Koyon haɗa sola a Kano: mako 6, daga Litinin 3 ga Maris. Gurbi 30, 10 na mata ne. Kuɗi naira 25,000, har da kayan aiki. Za a rufe rajista Juma'a 21 ga Fabrairu. Cike fom a nan:" sai adireshin fom ɗin ya biyo.

Wannan haruffa 200 ne ko kusa da haka, har da adireshin. Lissafin X yana da nasa dokoki. Sarari tsakanin kalmomi harafi ne. Kowane adireshin intanet, dogo ko gajere, haruffa 23 ake ƙirga masa, saboda dandalin yana naɗe shi a cikin t.co, don haka gajarta adireshi ba ya ƙara maka fili. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ɗaya-ɗaya ake ƙirga su kamar sauran, saboda haka babu hujjar a rubuta "kudi" a bar mai karatu yana tunanin ko ƙudi ne ko kuɗi. 'Yan hotunan nan na murmushi da tafi kuwa kowanne biyu yake ci.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu rubutun Hausa. Kalmar da aka sa wa alamar # tana yankewa ne a inda ta gamu da alamar rubutu. Wanda ya rubuta #Sana'a zai ga dandalin ya ɗauki #Sana kawai, ya bar sauran a waje. Ko dai a haɗe ta a rubuta #Sanaa, ko a zaɓi wata kalma, ko ma a bar alamar gaba ɗaya. Sanarwar nan ba ta rasa komai ba don babu ita.

Me ya sa babu sallama, babu sunan shugaba? Domin saƙon X yawo yake yi shi kaɗai. Wani zai sake yaɗa shi, ya faɗa gaban mutumin da bai taɓa jin sunan cibiyar ba, tsakanin labarin ƙwallo da rigimar siyasa. Dole ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa aka sa sunan gari a kalmomi biyar na farko, aka kuma rubuta ranar da watanta. "Gobe" da "mako mai zuwa" guba ne a nan, domin wanda ya gani bayan kwana huɗu gobensa daban ce.

A Facebook matsalar akasin haka ce. Fili ya yi yawa, har haruffa fiye da 63,000, kuma yawan fili shi ke ruɗar mutane. Iyakar gaskiya ita ce 'yan layukan da ke bayyana kafin See more. Sannan mai karatun a nan sau da yawa ba shi ne zai shiga ajin ba. Uwa ce da ke da ɗa ya gama sakandare yana zaune, ko yaya mai neman wa ƙanwarsa abin yi. Da su ake magana, cikin murya irin ta zaure:

"Kuna da matashi ko matashiya a gida da ke son koyon haɗa wutar sola? Mun buɗe rajistar aji na mako 6 a Kano, za a fara Litinin 3 ga Maris.

Ba sai mutum ya taɓa aikin lantarki ba. Za a koyi auna yawan wutar da gida ke buƙata, kafa faranti a kan rufi, da haɗa batir da inbata ba tare da an ƙona komai ba. Gurbi 30 ne, mun ware 10 domin mata. Kuɗin naira 25,000 ne, kuma kayan aiki suna ciki.

Za a rufe rajista Juma'a 21 ga Fabrairu. A cike fom ta adireshin da ke ƙasa, ko a zo ofishinmu. Don Allah a tura wa wanda zai amfana."

Dubi abin da aka ƙara. "Ba sai mutum ya taɓa aikin lantarki ba" amsa ce ga tambayar da za a yi ta maimaitawa a ƙarƙashin rubutun. Zuwa ofis da ƙafa hanya ce ta biyu ga wanda cike fom a waya ke ba shi wahala, ko datarsa ta ƙare. Sallama ba haramun ba ce, kuma na san akwai shugabannin da ba za su yarda a fitar da sanarwa babu ita ba. To, a yi ta a kalma biyu, a ci gaba a layi ɗaya, kada ta cinye wurin da ya fi kowane tsada. Hoton da za a haɗa kuma ya fi kyau ya zama na ɗalibai a kan rufi riƙe da faranti, maimakon hoton takardar sanarwa mai ƙananan rubutu da ba sa karantuwa a ƙaramar waya. Ƙashin sanarwar ya kasance a cikin rubutu, domin wanda hoto bai buɗe masa ba ya samu, mai son kwafa ya tura WhatsApp ma ya iya.

LinkedIn ne wurin da aka fi yin kuskure, kuma kuskuren ba na tsawo ba ne, tunda yana ɗaukar haruffa 3,000. Kuskuren shi ne a zaci ɗalibai ake nema a can. Yaron da ya gama sakandare bara da wuya a same shi a dandalin da aka gina don ma'aikata da kamfanoni. Waɗanda ke wurin su ne masu kamfanonin sola, injiniyoyi, da ma'aikatan ƙungiyoyin da ke tallafa wa koyon sana'a. Saboda haka sanarwar tana juya fuska, roƙon ma ya sauya:

"A tsakiyar Afrilu matasa 30 za su kammala horon haɗa wutar sola a cibiyarmu da ke Kano, 10 daga cikinsu mata. Muna neman kamfanonin da za su karɓe su aikin gwaji.

Horon na mako 6 ne daga Litinin 3 ga Maris, ya ƙunshi lissafin buƙatar wuta, kafa faranti, haɗa batir da inbata, da matakan kariya. Kuɗin kowane ɗalibi naira 25,000 ne har da kayan aiki, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son ɗaukar nauyin gurbi ɗaya ko fiye kafin Juma'a 21 ga Fabrairu. Mai sha'awa ya aiko mana da saƙo."

Lambobin suna nan yadda suke, amma naira 25,000 da ta kasance kuɗin makaranta a Facebook ta zama farashin ɗaukar nauyi a nan, kuma jimlar farko ta fara da ranar gamawa, domin ita ce ta dami mai ɗaukar ma'aikata. Sai dai a yi hattara: wannan sigar ta ƙunshi alkawarin da babu shi a takardar shugaba, wato neman kamfanoni da masu ɗaukar nauyi. Yaron shafi ba shi da ikon ƙirƙiro shi. Sai ya koma ya tambaya. Idan cibiyar ba ta da abin da take nema daga irin waɗannan mutane, ƙila sanarwar ba ta da abin yi a LinkedIn ɗin ma. Game da harshe kuwa, yawancin masu amfani da shi a Najeriya da Turanci suke rubutu, a Nijar da Faransanci, don haka wannan sigar ce aka fi yiwuwar a fassara. A fassara ta bayan an gama tsara ta, a sake gwada lambobin da na ƙashin sanarwa.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a aika. A ba wani da bai san zancen ba waya, a bar shi ya ga layi biyu na farko kawai na kowace siga, a tambaye shi: me ake yi, kuma me ake so ka yi? Idan ya ce "wata cibiya ce ke godiya", a koma a sake. Bayan an aika ma, tambayoyin mutane suna tona inda aka yi sakaci. Mutum biyar suka tambayi "nawa ne?" alhali an rubuta, to kuɗin ya nutse ƙasa da yawa.

Saura ranar da abu ya canza, kuma yakan canza. A ce an ɗage rufe rajista zuwa 28 ga Fabrairu. A Facebook da LinkedIn ana iya gyara rubutun da aka riga aka wallafa, kuma ya kamata a sa "An gyara: an ɗage rufewa zuwa 28 ga Fabrairu" a layin farko, saboda waɗanda suka ga tsohon. A X gyara na masu biyan kuɗi ne, shi ma na ɗan lokaci bayan aikawa. Mai asusun kyauta sai ya zaɓa: ya goge tsohon ya rasa duk yaɗawar da aka yi masa, ko ya bar shi ya fitar da sabo yana nuni da shi. Idan ƙarin lokaci aka yi, barin tsohon ba ya cutar da kowa, iyaka mutum ya yi sauri. Idan kuwa kuɗi ne ya ƙaru ko aka sauya wuri, a goge, domin wani zai taso daga Wudil da naira 25,000 a aljihu.